Kafin Ka Ba Banki Izinin Taɓa Asusunka Duk Wata

Wasu daga cikin rigingimun da ake yi a gaban teburin sauraren ƙorafi na bankuna kan cewa “an cire mini kuɗi ban sani ba” suna da asali a wata takarda guda wadda mai asusun ya sa wa hannu da kansa, ko wani maɓalli da ya danna a wayarsa watanni da suka wuce. Kwamfutar banki ba ta halarci zaman da kuka yi ciniki ba, ba ta ji alkawarin da dillali ya yi maka da baki ba. Abin da aka shigar mata shi take aiwatarwa, ranar da aka ce, adadin da aka ce, har zuwa lokacin da aka ce ta tsaya. Idan ba a gaya mata lokacin tsayawa ba, ba za ta tsaya ba.

Irin wannan izini kala biyu ne, kuma mutane da yawa suna haɗa su wuri guda. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa Standing Order a saman fom. Wannan tsayayyen umarni ne daga gare ka zuwa bankinka: ka tura wa wane naira kaza duk ranar kaza. Kai ne ka kafa shi, kai ke sauya shi, wanda ake tura wa kuɗin ba shi da ikon ƙara ko kwabo. Na biyu shi ne Direct Debit, inda kake ba wani kamfani izinin ya riƙa zuwa yana cira daga asusunka, kamar kamfanin inshora ko takaful, ko mai ba da rance, ko mai sayar da kaya biya-sannu-sannu. A nan kamfanin ne ke aiko da buƙatar cira, bankinka kuwa yana duba ko buƙatar ta dace da izinin da ka bayar, sannan ya saki kuɗin. Ka ga ke nan a na biyun takardar izinin ita ce katangar da ke tsakanin kuɗinka da hannun wani, don haka ita ta fi bukatar a zuba mata ido.

A Najeriya Babban Bankin Ƙasa ne ya shimfiɗa ƙa’idojin wannan tsari, aka kuma sabunta su a 2018. Kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa hada-hadar bankuna da junansu, yana da rumbun da ake rajistar irin waɗannan izini, akwai kuma masu bi ta Remita. Ga mai asusu dai duk hanyar da aka bi, abubuwan da zai duba ba su canzawa: nawa, sau nawa, daga yaushe zuwa yaushe, kuma wa ya sa hannu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiyar gama-kai ta malaman makaranta ta sayi kayan sola na ofishinta a kan ₦1,800,000, aka yi yarjejeniya da kamfanin cewa za a biya cikin wata 12, duk wata ₦150,000, ranar 28 ga wata, farawa daga Afrilun 2026. Wakilin kamfani ya kawo fom ɗin izinin cira, ya ma riga ya cike shi don ya sauƙaƙa wa mutane, sa hannu kawai ya rage. Ma’ajin ƙungiya ya karɓa zai duba. Ina zai fara?

Adadin kuɗi

Zai fara da ajiye takardar yarjejeniyar ciniki a gefen fom ɗin, domin ba a tantance izini da abin da aka tuna a ka. A fom akwai gurbin adadi da lambobi, akwai na adadi da kalmomi, kuma dole su zo ɗaya. ₦150,000 da ₦1,500,000 sifili ɗaya ne ya raba su. A dokar da ta shafi cak, idan lamba da kalma suka saɓa, kalmar ake bi, amma a aikace ma’aikacin banki mai lura yakan mayar da takardar ne a sake cikewa, kuma hakan ya fi wa kowa. Idan an yi gyara da biro, ko an shafe da farin ruwa, kada a amince da “ai ba komai”. Ko dai masu sa hannu su sa hannu a jikin gyaran, ko a yaga a ɗauko sabon fom. Duk filin da ya rage bayan rubuta adadi a ja masa layi, kada a bar wa wani wurin ƙari.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne wani ɗan akwati da ido ke tsallakewa, inda ake zaɓar Fixed ko Variable. Na farko yana nufin adadi ɗaya ne ba ya motsi, ₦150,000 kowane zagaye. Na biyu yana nufin kamfanin zai iya cire adadi daban-daban, matuƙar bai haura iyakar da aka rubuta ba. Wannan yana da amfani ga abin da kuɗinsa ke hawa da sauka, kamar kuɗin wuta. Amma ga bashin da aka yanka kashi-kashi daidai wa daida, babu dalilin zaɓar sa. A misalinmu, a ce wakilin ya zaɓi Variable, sannan a gurbin iyaka ya rubuta ₦1,800,000, wato jimillar bashin duka. Zai ce maka haka suke yi wa kowa, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai abin da takardar ke cewa shi ne kamfanin yana da izinin ya nemi har ₦1,800,000, kuma idan fom ɗin bai fayyace cewa wannan jimillar dukan zagayen ba ce, na’ura za ta iya ɗaukar ta a matsayin iyakar cira guda. Ranar da kuɗin adashin mambobi ya shigo asusun, buƙatar cire miliyan ɗaya za ta iya wucewa ba tare da an karya wata ƙa’ida ba. Don haka tambayar da ma’aji zai yi ita ce: wannan iyakar ta kowane cira ce, ko ta jimilla? Amsar kuma a rubuce yake son ganin ta a jikin fom.

Sai ya duba wanda zai karɓi kuɗin. Lambar asusu a Najeriya lambobi 10 ce, kuma abu ne mai sauƙi a shigar da ita a manhajar banki kamar za a tura kuɗi, a ga sunan da zai fito. Idan da kamfani aka yi ciniki amma sunan wani mutum ya fito, a dakata nan.

Sau nawa, kuma yaushe

Ni a ganina nan ne aka fi yin asara, domin kuskuren nan ba ya ihu. Wanda aka cire wa miliyan a maimakon dubu ɗari zai gane nan take. Wanda aka ƙara wa zagaye ɗaya a ƙarshen shekara kuwa, sau da yawa sai an jima yake farga, in ma ya farga.

A fom ɗin ƙungiyarmu an rubuta Start Date 28/04/2026, End Date 28/04/2027. Kallo ɗaya za ka ce daidai ne, shekara guda cif. To amma ƙirga da yatsa: Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba, tara ke nan, Janairu, Fabrairu, Maris, sha biyu. Biya na 12 ya faɗo ranar 28 ga Maris 2027. Idan aka bar ranar ƙarshe a 28 ga Afrilu 2027, an bar ƙofa a buɗe ga cira na 13, jimilla ta koma ₦1,950,000. An yi wa ƙungiya ƙarin ₦150,000 ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane gwaji sauƙi da kama kuskure: ka ninka adadin da yawan zagayen da ke tsakanin ranar farko da ta ƙarshe, ka haɗa da su biyun a ƙirgen, ka ga ko ya ba ka jimillar da ke cikin yarjejeniya. In bai ba ka ba, akwai abin da ya karkace, ko a adadi, ko a tazara, ko a kwanan wata.

Wasu kamfanonin rance da gangan suke tsawaita ranar ƙarshe, don idan an tsallake wani wata su samu damar cira daga baya. Hujja ce da za a iya saurare, amma a faɗe ta a fili, kuma fom ya nuna yawan zagaye ko jimillar da ba za a wuce ba. Mafi muni shi ne a bar gurbin ranar ƙarshe fayau, ko a rubuta Until Further Notice. Wannan ya dace da abin da ba shi da ranar ƙarewa, kamar kuɗin da mutum ke tura wa mahaifiyarsa duk wata, ko ajiyar da yake yi wa kansa. A kan bashi mai iyaka kuwa kuskure ne babba.

Tazarar ma tana da nata tarkon. Mai Keke Napep da ya karɓi keke a kan biyan ₦20,000 duk mako yakan lissafa a ransa cewa ₦80,000 ne a wata, wato ₦960,000 a shekara. Amma shekara mako 52 ce, ba 48 ba, don haka abin da zai fita ₦1,040,000 ne. Haka “duk mako biyu” sau 26 ne a shekara, “sau biyu a wata” kuwa sau 24. Akwai kuma kalmar Bi-monthly da ake gani a wasu fom, wadda su kansu masu harshen ba su daidaita a kanta ba: wani yana nufin sau biyu a wata, wani sau ɗaya a wata biyu. Idan ka gan ta, ka sa a rubuta ranakun ciran ɗaya bayan ɗaya a haɗa da fom. Quarterly duk wata uku ne, sau huɗu a shekara, ba duk wata huɗu ba. Kuma a tuna banki da kalandar Miladiyya yake aiki. Wanda ya yi alkawarin biya “bayan Sallah” ko “in wata ya kama” dole ya mayar da shi kwanan wata na boko kafin ya cike gurbi.

Yadda ake rubuta kwanan watan ma abin lura ne. A Najeriya rana ake fara rubutawa sannan wata, don haka 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, amma wasu manhajoji suna bin tsarin Amurka, inda hakan ke nufin 4 ga Maris. Idan da hali a rubuta sunan watan da haruffa.

Sannan ranar kanta. Wanda ya zaɓi 31 ga wata ya zaɓi ranar da babu ita a Afrilu, Yuni, Satumba, Nuwamba da Fabrairu. 29 da 30 ma suna tuntuɓe a Fabrairu. Shi ya sa 28 ta fi kwanciyar hankali ga mai son ƙarshen wata. Amma ita ma takan faɗo a ranar hutu: 28 ga Yunin 2026 Lahadi ce. A tambayi banki abin da tsarinsa ke yi a irin wannan rana, ko ya cira a ranar, ko ya jira Litinin, ko ya gabato da shi Juma’a, don a san ranar da kuɗi zai kasance a ajiye. Ma’aikacin da albashinsa ke shigowa wani lokaci 25, wani lokaci sai 3 ga sabon wata, bai kamata ya sa ranar cira a 26 ba. Gara ya kai ta 5 ga wata. Cirar da ta tarar da asusu ba kuɗi tana iya jawo tara daga mai bin bashi, kuma idan ta yawaita tana ɓata sunan mutum a rajistar masu cin bashi, wadda bankuna ke dubawa kafin su ba da rance.

Wa ke da ikon sa hannu

A ce duk lissafi ya yi daidai. Takardar har yanzu ba ta zama izini ba sai wanda ke da iko a kan asusun ya sa hannu, kuma ikon nan ba muƙami ne ke ba da shi ba. Abin da ke ba da shi shi ne takardar da aka ajiye a banki ranar buɗe asusu, mai ɗauke da sunaye, hotuna, samfurin sa hannun kowa, da ƙa’idar yadda za a haɗa su.

Ƙungiyoyi da kamfanoni sukan kasa masu sa hannu aji-aji. A ƙungiyarmu a ce shugaba shi ne A, sakatare da ma’aji kuma B, ƙa’idar da ke banki ta ce A tare da B ɗaya. Ranar da wakilin kamfani ya zo, shugaba ya tafi Umara, sai sakatare da ma’aji suka sa hannu. Hannu biyu ne, mutanen kirki ne, niyyarsu kuma mai kyau ce, amma B da B ba su cika ƙa’ida ba, kuma bankin da ya san aikinsa zai mayar da fom ɗin. Wani lokaci ƙa’idar tana da iyakar kuɗi, misali B biyu za su iya sa hannu a kan abin da bai kai ₦200,000 ba. Nan sai gardama ta taso, tunda kowane cira ₦150,000 ne. Ra’ayina shi ne abin da aka ɗora wa ƙungiya ₦1,800,000 ne, don haka da wannan adadin ya kamata a auna ikon. Ma’aji mai hankali zai jira shugaba ya dawo, ya kuma tabbatar an rubuta amincewar kwamiti a littafin taro, domin ranar da mambobi za su tambaya, hannunsa ne a jikin takarda.

Wata matsalar da ta zama ruwan dare ita ce ta sabon zaɓe. An yi zaɓe, an rantsar da sabon shugaba, an ci shinkafa an watse, amma ba wanda ya kai wa banki takardar shawarar sauya masu sa hannu. A idon banki tsohon shugaba ne mai iko har gobe, sabon kuwa baƙo ne. Abin da ke biyo baya iri biyu ne: a ƙi karɓar hannun sabo, ko kuma, wanda ya fi haɗari, a karɓi na tsohon da ya riga ya sauka. Kamfanoni ma haka, sai da shawarar hukumar daraktoci a rubuce banki ke sauya suna.

Asusun haɗin gwiwa, na miji da mata ko na ’yan’uwa abokan kasuwanci, ya danganta da abin da aka zaɓa tun farko, ko kowa zai iya sa hannu shi kaɗai, ko sai duka. Yaron shago, ko babban ɗa da ke riƙe da katin mahaifinsa, ba shi da ikon ba da izinin cira komai yardar da aka yi masa a gida, sai in an yi masa wakilci a rubuce kuma banki ya karɓa. Wanda ba ya karatun boko, mai yin dangwale, doka ta tanadi a karanta masa abin da ke cikin takardar da harshen da yake ji, wanda ya rubuta kuma ya sa sunansa da adireshinsa a jiki. Dattijon da aka miƙo wa fom aka ce “Baba, dangwala nan” yana da haƙƙin ya ce a fassara masa tukuna. Idan kuma mai asusu ya rasu, izinin da ya bayar yana faɗuwa da zarar banki ya samu labari, don haka magada su gaggauta sanarwa. Bashin da ke kansa kuwa sai a biya daga abin da ya bari kafin rabon gado, kamar yadda aka sani.

Yau da yawan izinin ba a takarda ake ba da su ba. Manhajar rance za ta ce ka shigar da lambar sirri da aka turo maka, ko ka tura ₦50 daga asusunka zuwa wani asusu don tabbatarwa. Mutane suna ɗaukar wannan ₦50 kamar kuɗin rajista. A tsarin izini na intanet, wannan turawar ita ce sa hannunka. Kafin ka tura, ka karanta adadi, tazara da ranakun da ke kan allo kamar yadda za ka karanta takarda, ka kuma ɗauki hoton allon. Masu karɓar rancen banki su san da wani izinin na daban, GSI, wanda Babban Banki ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta 2020. Wanda ya sa masa hannu ya yarda cewa idan ya gaza biya, za a iya bin lambarsa ta BVN a cire bashin daga asusunsa na wasu bankunan. Yakan zo a cikin tarin takardun rance, kuma ya cancanci a karanta shi shi kaɗai.

Bayan an sa hannu

Tantancewa ba ta ƙare a teburin sa hannu ba, domin wani ne zai kwafe abin da ke takarda ya shigar a kwamfuta, kuma yatsa na zamewa. Ka karɓi kwafin fom mai hatimin banki da lambar izinin. Saƙon da zai shigo wayarka cewa an kafa izini, ka gwada shi da kwafin. Cira na farko shi ne babbar shaida: adadin daidai ne, ranar daidai ce, sunan mai karɓa daidai ne? Na biyu kuma shi zai nuna maka tazarar, domin idan an shigar da mako a maimakon wata, kwana bakwai kawai za ka jira ka gani. Sai ka rubuta ranar cira na ƙarshe a inda za ka gan ta, ka duba bayanin asusunka a watan da ke biye don ka tabbatar an tsaya.

Soke izini haƙƙinka ne. Tsayayyen umarni banki kaɗai za ka gaya wa. Izinin cira kuwa ka rubuta wa banki, ka kuma sanar da kamfanin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, kuma ka yi hakan da sauran kwanaki kafin ranar cira. Sai dai soke izini ba ya goge bashi. In da saura a kanka, yana nan, hanyar biya kawai ka rufe.

Idan an cire abin da ya saɓa wa izinin, ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, ka haɗa da kwafin fom da bayanin asusu, ka karɓi lambar ƙorafi. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya. A can ma abin da za a fara tambayar ka shi ne kwafin izinin da lambar ƙorafin, don haka kada ka bar banki ba tare da su ba.